Misali Biyu da Aiki Ashirin, Ko Janye Hannu Mataki-Mataki: Hanyoyi Biyu na Koyar da Ikweshin

A ƙaramar sakandare ne yaro ke fara haɗuwa sosai da lissafin da harafi ke tsayawa a madadin lambar da ba a sani ba, a sa alamar daidai a tsakiya, a ce ya nemo lambar. Malamai na kiran wannan ikweshin, kuma mafi sauƙinsa shi ne miƙaƙƙe, wanda harafin bai ninka kansa ba, kamar 5x + 4 = 2x + 22. Duk malamin da ya iso wannan darasi yana farawa da abu ɗaya: ya warware misali a allo yara suna kallo. Inda malamai suka rabu shi ne abin da ke biyo bayan misalin.

Hanya ta farko kowa ya san ta, don da ita aka koyar da yawancinmu. Malam ya warware misali ɗaya ko biyu daga farko har ƙarshe, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa, sai ya rubuta tambayoyi goma ko ashirin ya ce kowa ya yi. Hanya ta biyu ita ma da cikakken misali take farawa, amma ba ta sakin yaro lokaci ɗaya. Misali na biyu an warware shi duka, an bar matakin ƙarshe kawai yaro ya cike. Na uku an bar masa matakai biyu. A na huɗu ne ake ba shi tambaya tsura, ba komai a ƙarƙashinta. Zan kira ta farko hanyar misali da aiki, ta biyu kuma hanyar janye matakai.

Kafin a auna su, ya kamata a ga ta biyun a rubuce, domin bayaninta da baki ba ya nuna inda wahalarta take. Ga cikakken misalin da ake farawa da shi:

```
5x + 4 = 2x + 22
3x + 4 = 22      ɗebe 2x daga kowane gefe
3x = 18          ɗebe 4 daga kowane gefe
x = 6            raba kowane gefe da 3
```

A ƙarƙashinsa malam ya gwada amsar. Idan aka sa 6 a madadin x, gefen hagu ya zama 30 da 4, wato 34, gefen dama ya zama 12 da 22, shi ma 34. Misali na biyu sai ya zo da gurbi ɗaya:

```
7x + 2 = 3x + 38
4x + 2 = 38      ɗebe 3x daga kowane gefe
4x = 36          ɗebe 2 daga kowane gefe
x = ____         ____________________
```

Abin da ake nema a wurin yaro a nan kaɗan ne: ya ga cewa 4x na nufin 4 sau x, ya raba kowane gefe da 4, ya sami 9, ya kuma rubuta dalilin a gefe. Misali na uku shi ne 6x − 5 = 4x + 9, an yi masa layin farko kawai, 2x − 5 = 9, an bar layi biyu babu komai. Na huɗu, 9x − 8 = 4x + 7, duka nasa ne, amsarsa kuma 3. Tambayoyi huɗu ke nan, kuma a kowacce rabon yaro yana ƙaruwa da mataki ɗaya.

Abu na farko da za a duba shi ne abin da ke faruwa a kan yaro lokacin da yake aiki. A hanyar misali da aiki, da zarar ya juya ga tambayar farko, komai ya hau kansa tare. Dole ya yanke shawarar abin da zai fara taɓawa, harafi ko lamba. Dole ya tuna cewa abin da ya yi wa hagu sai ya yi wa dama. Dole ya kula da alamar tarawa da ta ɗebewa, ya yi lissafin lambobin daidai, ya kuma riƙe a zuciya inda ya nufa. Malamin da ya shekara goma yana wannan aiki ba ya jin nauyin komai a ciki, don a wurinsa duk sun dunƙule sun zama motsi ɗaya. A wurin yaron da ya ga misali sau biyu, abubuwa biyar ne daban-daban, kuma hankalin ɗan Adam ba ya iya juya sababbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Abin da yakan faru shi ne yaron ya bar neman hanya ya koma neman amsa: ya gwada 2, ya gwada 3, ya leƙa littafin maƙwabcinsa. Ko ya dace da amsar, bai san ta ina ya bi ba, don haka tambaya ta gaba sabuwa ce fil a wurinsa.

A hanyar janye matakai an ɗauke masa wannan nauyin an miƙa masa shi kashi-kashi. A misali na biyu ba ya tunanin abin da za a fara, don an riga an fara. Hankalinsa duka yana kan abu ɗaya, yadda ake raba x da lambar da ke manne da shi. Kafin ya kai wurin kuma sai ya karanta layukan da ke sama, ya sake ganin matakan farko an yi su daidai a karo na biyu. Wannan ne ya bambanta ta da jera cikakkun misalai guda huɗu, domin yaro na iya zura wa cikakken misali ido bai karanta ba, amma gurbin da aka bari yana tilasta masa ya bi layukan ya ga inda aka tsaya.

Wannan tunani daga Ostareliya ya fi samun ƙarfi. A shekarar 1985 John Sweller da Graham Cooper, a Jami'ar New South Wales da ke Sydney, sun gwada shi da aljabara. Sun ba wasu ɗalibai tambayoyi su yi ta warwarewa, wasu kuma aka riƙa ba su warwararren misali su karanta, sannan tambaya mai kama da shi. Waɗanda suka bi ta misalai sun ɗauki ɗan lokaci wajen koyo, kuma a gwajin da ya biyo baya sun fi sauri, kurakuransu sun fi kaɗan. Amma akwai iyaka da su da kansu suka bayyana: ribar ta tsaya a kan tambayoyi masu kama da waɗanda aka koya. Da aka canza fasalin tambaya, fifikon bai bayyana ba. A wani aiki da suka buga a 1987 sun nuna cewa sai an ƙara lokacin koyo kafin amfanin ya kai ga tambayoyin da suka bambanta. Tsarin janye matakai ɗaya bayan ɗaya ya zo daga baya, musamman a aikin Alexander Renkl na Jami'ar Freiburg a Jamus da Robert Atkinson na Amurka. A 2002 su da abokan aikinsu sun kwatanta janye matakai da tsarin misali sannan tambaya, suka ga janyewa ta fi a kan tambayoyi masu tsari iri ɗaya da na koyo. Adalci ne a faɗi cewa gwaje-gwajen nasu a kan kimiyyar lantarki da lissafin yiwuwa aka yi su, ba a kan ikweshin ba. An ɗauko darasin zuwa aljabara ne saboda ita ma aiki ce mai matakai a jere.

To, hanyar misali da aiki ma tana da hujjarta, kuma ba ƙarama ba ce. A jarrabawa babu wanda zai yi wa yaro layin farko. Mafi wuyar abu a ikweshin shi ne a kalle shi tsura a san inda za a sa hannu, kuma wannan shi ne abin da hanyar misali da aiki ke sa yaro ya yi tun daga tambayar farko, sau ashirin a zama ɗaya. Hanyar janye matakai kuwa, idan daga ƙarshe take janyewa, matakin farko shi ne na ƙarshen zuwa hannun yaro. A jerin nan namu na tambayoyi huɗu, ya raba da lamba sau uku, ya kawar da lamba sau biyu, amma tattara haruffa gefe ɗaya sau ɗaya tak ya yi. Idan ƙararrawa ta kaɗa a nan, malam kuma ya wuce wani darasi gobe, matakin da ya fi buƙatar maimaici shi ne ya fi ƙarancin samu.

Akwai kuma masu ganin cewa wahalar farko ba asara ba ce. Manu Kapur, wanda ya yi gwaje-gwaje a makarantun Singafo, ya nuna cewa idan aka bar ɗalibai suka yi ta fama da matsala kafin a koya musu hanya, ko ba su kai ga amsa ba, bayanin malam yakan fi shiga daga baya. Sai dai abin da Kapur ya gwada tsararren aiki ne: matsala ɗaya mai faɗi da aka zaɓa da kyau, ɗalibai su ƙirƙiro hanyoyi, sannan malam ya zo ya gina darasi a kan abin da suka kawo. Wannan daban yake da a bar yaro shi kaɗai da tambayoyi ashirin masu kama da juna. Hujjar Kapur tana goyon bayan a bar yara su yi fama da ma'ana, kamar a tambaye su wace lamba ce idan aka ninka ta sau 5 aka ƙara 4 za ta yi daidai da ninkinta biyu da ƙarin 22. Ba ta nuna cewa ta hanyar lalube ake ƙwarewa a jeren matakai ba.

Abu na biyu shi ne kuskure, da yadda malam ke gano shi. A nan bambancin hanyoyin ya fi fitowa fili. A ɗauki misali na uku, inda aka tsaya a 2x − 5 = 9. Yaron da ya kalli misalai biyu na farko ya ga an ɗebe 4, an ɗebe 2. Idan abin da ya ɗauka shi ne "kullum ɗebewa ake yi", zai rubuta 2x = 4, ya sami x = 2. Gwaji zai tona shi nan take, domin hagu zai ba da 7, dama kuma 17. Hanya madaidaiciya ita ce a ƙara 5 a kowane gefe, a sami 2x = 14, x ya zama 7, gefe biyu su tashi 37. Malamin da ke zagaya aji yana buƙatar kallon layi ɗaya kawai a kowane littafi. Duk inda ya ga 2x = 4 ya san ciwon, ya kuma san maganinsa, tunda babu wani wurin da kuskuren zai iya ɓuya.

A hanyar misali da aiki, wannan kuskuren yana nan, amma a cakuɗe da wasu. Yaro ya kawo amsa ba daidai ba bayan layi biyar da ya rubuta da kansa, wataƙila ya yi kuskure a biyu daga ciki. Kafin malam ya gano inda aka kauce sai ya karanta duka, kuma a ajin da ke da yara saba'in ko tamanin, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na garuruwanmu, yawanci jan biro kawai ake sa wa amsa a wuce. Abin da ya fi damuna a nan shi ne yaron da ya yi kuskure ɗaya a tambaya ta farko zai maimaita shi har ta ashirin kafin kowa ya gani. Ya yi atisaye sosai, amma kuskuren ya ƙware a kai.

Duk da haka, littafin yaron da aka bari ya yi komai da kansa yana faɗa wa malam abin da gurbi ba zai faɗa ba. A can ne ake ganin yaron da ke rubuta 5x + 4 = 9x, don a ganinsa alamar daidai umarni ce ta a haɗa abin da ke hagu a kawo amsa. Carolyn Kieran ta Kanada ta rubuta a kan wannan fahimtar tun 1981: yara da yawa suna shigowa aljabara suna ɗaukar alamar daidai a matsayin "ga amsa nan tafe", ba a matsayin shaidar cewa gefe biyu darajarsu ɗaya ba. Yaro mai wannan fahimta zai iya cike gurbin x = 9 daidai, ya wuce misali na biyu lafiya, ba wanda ya san abin da ke ransa. Gurbi yana kama kuskuren da malam ya riga ya yi tsammani. Farar takarda ce ke fito da wanda bai taɓa zato ba.

Abu na uku, kuma a nan nake so in daɗe, shi ne haɗarin kwaikwayo. Babban zargin da ake yi wa hanyar janye matakai shi ne tana iya haifar da yaro mai bin sawu, wanda ya san siffar layuka amma bai san dalilinsu ba. Zargin yana da tushe. A dubi misalanmu huɗu: a dukkansu lambar da ke manne da x a hagu ta fi ta dama girma. Yaro na iya fita da ƙa'idar da ba wanda ya koya masa, cewa a ɗebe ƙaramin daga babban a rubuta sakamakon a hagu. Sai a ba shi wannan:

```
2x + 11 = 5x − 1
```

Mai bin sawu zai ɗebe 2 daga 5, ya rubuta 3x + 11 = −1, ya sami x = −4. Gwaji zai ba da 3 a hagu, −21 a dama. Wanda ya gane dalili zai ɗebe 2x daga kowane gefe, ya sami 11 = 3x − 1, ya ƙara 1, ya sami 12 = 3x, x ya zama 4, gefe biyu su tashi 19. Ba zai firgita don harafi ya koma dama ba.

Sai dai wannan ciwo ba na hanya ɗaya ba ne. Hanyar misali da aiki tana da nata kwaikwayon, wanda ya fi yaɗuwa ma: ƙa'idar nan da ake rerawa a aji cewa duk abin da ya tsallaka alamar daidai, alamarsa ta canza. Ƙa'idar tana aiki a tarawa da ɗebewa, shi ya sa yara ke riƙe ta. Amma yaron da ya haddace ta ba tare da dalili ba, idan ya iso 3x = 18, sai ya tsallakar da 3 ya rubuta x = 18 − 3, ya sami 15. Idan ya iso −3x = 12, ko ya tuna cewa rabawa ake yi, sai ya canza alamar −3 ya raba da 3, ya sami 4 maimakon −4. Don haka kowace hanya na iya fitar da mai haddar siffa. Abin tambaya shi ne wacce ce ta fi ba malam wurin da zai toshe ɓarakar.

A nan ne layin dalili da ke gefen kowane mataki yake da muhimmanci, har ina ganin rabin aikin a wurinsa yake. Michelene Chi da abokan aikinta sun gano a 1989, da ɗalibai masu karanta warwararrun misalai na kimiyyar fizis, cewa waɗanda suka fi amfana su ne masu tsayawa su bayyana wa kansu dalilin kowane layi. Sauran suna karantawa su wuce, suna ganin sun gane. A 2003 Atkinson da Renkl da Mary Margaret Merrill sun haɗa janye matakai da tambayar da ke sa ɗalibi ya faɗi ƙa'idar da aka yi amfani da ita a kowane mataki, suka ga amfanin ya kai har ga tambayoyin da tsarinsu ya bambanta da na koyo. A ikweshin, wannan na nufin kada gurbin ya zama na lamba kaɗai. Yaron da ya rubuta x = 9 ya rubuta "raba kowane gefe da 4" a gefe. A layukan da malam ya yi ma ana iya goge dalilin a bar lissafin, a tambayi yaro me aka yi daga wannan layi zuwa wancan, kuma don me bai ɓata daidaiton ba. Hanyar misali da aiki ba ta hana a yi irin wannan tambaya, amma ba ta tanadar mata wuri ba. Idan yaro na fama da neman amsa, dalili shi ne abin farko da yake yarwa.

Wani zai tambaya don me daga ƙarshe ake janyewa, ba daga farko ba. Dalilin a aikace yake. Idan aka bar wa yaro matakin ƙarshe, yana aiki a kan layin da aka tabbatar daidai ne, kuma shi ne ke kai wa ga amsa ya gwada ta da hannunsa. Idan aka bar masa na farko, layin da ke ƙasa yana nuna masa amsar tun kafin ya yi tunani, sai dai malam ya rufe shi. Jean Lave, da ta zauna da teloli a Monrobiya ta ƙasar Laberiya, ta ga haka suke koyar da yaransu: a fara da ƙarasa riga, kamar sa maɓalli da kalmasa baki, sannan ɗinki, yanka kuma sai a ƙarshe, don shi ne kuskurensa ke cin yadi. Amma bai kamata a mai da wannan doka ba. Renkl da Atkinson da Cornelia Große sun duba batun a 2004, suka ga cewa ɗalibi ya fi koyon matakin da aka janye, ko a ina yake a jere. Saboda haka idan malam ya lura yaransa sun iya rabawa, amma buɗe baka ke kayar da su, suna mai da 3(x + 2) = 21 zuwa 3x + 2 = 21, to layin buɗe bakan ne zai bari a buɗe ko da shi ne na farko, ya cike musu sauran, har su saba rubuta 3x + 6 = 21 su sami 5.

Ta fuskar wahalar malam, hanyar misali da aiki ce mai sauƙi, babu gardama. Tambayoyin suna cikin littafi, alli kawai ake buƙata. Hanyar janye matakai tana son a zauna tun daren jiya a tsara jeri, a zaɓi lambobi da kula. Bai kamata lamba ɗaya ta fito sau biyu a misali ba: a 3x + 3 = 18, idan malam ya ce a ɗebe 3, yaro bai san wane 3 ake nufi ba, wani ma zai ɗebe na jikin x. Sabuwar wahala ɗaya ake shigarwa a lokaci guda, don haka ba a kawo lamba mai alamar ɗebewa da baka da amsa mai ɓangare duk a misalin da aka ƙara gurbi. Ba dole sai da takardar da aka buga ba, allo ya isa, sai dai yara za su ɓata mintoci suna kwafar layukan da aka riga aka warware. Ana rage wannan idan aka ce su kwafi layin ƙarshe da malam ya tsaya kawai, su ci gaba daga nan. Jerin da aka tsara sau ɗaya kuma zai yi shekaru ana amfani da shi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a ɗora a ma'auni shi ne yaron da ya riga ya iya. A 2003 Slava Kalyuga da Paul Ayres da Paul Chandler da Sweller sun tattara shaidar cewa taimakon da ke amfanar sabon shiga yana daina amfani idan ɗalibi ya ƙware, har yakan koma cikas. Yarinyar da ke kallon 7x + 2 = 3x + 38 ta ga 4x = 36 a take, idan aka tilasta mata bin layi uku da rubuta dalilin kowanne, an ɗora mata aikin da ba ya ƙara mata komai, an kuma hana ta tambayoyin da za su ƙara mata sauri. Ita hanyar misali da aiki ce ta dace da ita. Wannan binciken bai rushe janye matakai ba, shi ne ma dalilin janyewar, tunda da cikakken misali na da amfani har abada ba za a rage shi ba. Amma yana nuna cewa jeri ɗaya mai gudu ɗaya ba zai dace da dukan aji ba. Wani yana buƙatar cikakkun misalai uku kafin gurbin farko, wata kuma daga misali na ɗaya za ta tsallaka zuwa na huɗu.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncina shi ne a darasin farko da na biyu na kowane sabon fasalin ikweshin, janye matakai ta fi, da sharaɗi biyu: a riƙa neman dalili tare da lamba, kuma a sa tambayar da ta saɓa wa siffar misalan, irin 2x + 11 = 5x − 1, kafin a tashi. Idan babu waɗannan biyun, fifikonta kaɗan ne, don za ta ba da littattafai masu tsabta da yaran da ke faɗuwa da zarar harafi ya sauya gefe. Bayan nan kuma tambayoyi tsura, masu yawa, a gauraye, su ne aikin, kuma malamin da ya ci gaba da ba da gurabe a mako na uku yana riƙe da yaran da ya kamata ya saka.

Abin da ya rage shi ne yadda malam zai san lokacin sauyawa ba tare da ya duba littafi tamanin ba. Kalyuga da Sweller sun gwada wata gajeriyar dabara a 2004, kuma da aljabara suka gwada ta: a nuna wa ɗalibi ikweshin na ɗan lokaci kaɗan, a ce ya rubuta matakinsa na farko kawai. A aji, malam na iya rubuta 8x − 3 = 5x + 12 a allo, ya ba da rabin minti, kowa ya rubuta layi ɗaya ya ɗaga littafinsa. Wanda ya rubuta 3x = 15, ko ma x = 5, ya haɗe matakai a kansa, a ba shi tambayoyi ya tafi. Wanda ya rubuta 3x − 3 = 12 ko 8x = 5x + 15 yana kan hanya, gurbi biyu ko tambaya tsura mai sauƙi ta ishe shi. Wanda ya rubuta 13x ya tara abin da ya kamata ya ɗebe, sai a mayar da shi misalin da layin farko ne kawai a buɗe. Wanda ya haɗa 8x − 3 ya mai da shi 5x, ko bai rubuta komai ba, cikakken misali yake buƙata, kuma kafin misalin a zauna da shi a sa lambobi a madadin x, ya ga da idonsa cewa a 5 gefe biyu suna tashi 37, a 4 kuma hagu 29 ne, dama 32.